Abin da na rubuta a bayan hannu

Mu ungozomomin asibiti muna da wata muguwar ɗabi'a: idan aiki ya cakuɗe, bayan hannu ne takardarmu. Ni kuwa na fi kowa, har abokiyar aikina tana ce mini allon makaranta.

Wata Lahadi ce, ranar kasuwar Illela, ina aikin safe ni kaɗai a ɗakin haihuwa. A gado na uku akwai wata mata daga wani ƙauye bayan Ƙonni, ta sauka lafiya da hantsi. Wajen sha biyu na tambaye ta jiki.

"Kaina na ka sarawa kaɗan," ta ce, tana rufe fuska.

Na auna jininta, ya hau sosai. Na rubuta lambar a bayan hannuna, da niyyar in sake aunawa in kira likita, don irin wannan ke kawo jijjiga. Sai ga wata daga Araba an shigo da ita, kan ɗa a waje. Na sa safar hannu. Da na gama na wanke hannu da sabulu har gwiwa, na yi alwalar azahar, na zauna rubuta rahoton miƙa aiki. Gado na uku: ta haihu da kanta, ba zubar jini, jariri yana shan nono, babu ƙorafi. Duk gaskiya ne, ban da na ƙarshen.

Ƙa'ida ita ce mu zaga gado-gado tare da mai karɓata, wato abokiyar aikin nan tawa. Amma motocin albasa sun tare ta a hanya, ni kuma na ƙosa. Na bar littafin a buɗe na tafi.

Ta karanta, ta yarda da ni, don shekara takwas ban taɓa rubuta mata ƙarya ba. Da mijin matar ya matsa su tsallaka iyaka tun da rana, ta sallame su ba ta sake aunawa ba.

Ina cikin kwaɓa fura da la'asar na ga ɗan shuɗin biro a hannuna, sai lambar ta faɗo mini. Na koma da gudu, gyale a hannu. Na tarar an canza zanen gado, lambar wayar da suka bari kuma ba ta shiga.

Bayan kwana tara wata tsohuwa ta zo rigakafi da jariri a goye. Ta gane ni, ta kama hannuna.

"Ɗiyata, ke ta kinka karɓi haihuwar wanga. Uwar ta koma ga Allah, daren da munka isa gida jijjiga ta kama ta. Ku dai kun yi naku, Allah shi saka."

Na so in ce mata ban yi ba. Wallahi na so. Abokiyar aikina tana tsaye a bayana tana ji, har yau kuma ba ta ƙara kirana allon makaranta ba.

Na ce, "Amin, Inna."