Aikin danna bidiyo da ya ci keken Yaya

Wata Asabar na leƙa gidan yayata a Sheshe, ta miƙo mini wayarta tana murmushi. Tun rasuwar mijinta ɗinki ne ke riƙe da ita da 'ya'ya uku. Saƙo ne daga lambar ƙasar waje, wai wani kamfani na neman masu aiki daga gida: ka danna alamar so a bidiyo, ka tura hoton shaida, a biya ka.

Na tambaye ta a ina suka san ta, tunda ba ta nemi aiki ba. Ta ce ita dai ta danna uku, kuɗi ya shigo. Ta nuna mini alat ɗin banki, na gaske ne, har ta yi cefane da shi.

Na san salon, domin haka aka yi wa wani malami a makarantar da nake koyarwa. Na ce mata wannan ɗan kuɗin na jan hankali ne. Gaba za su kai ta wani guruf inda kowa ke tura shaidar an biya shi, alhali yawancinsu mutanensu ne, daga nan su ce ta zuba nata don a ba ta babban aiki.

"Yaya, duk aikin da sai kin biya kafin a ba ki albashinki, damfara ce."

"Kai albashinka na zuwa duk wata," ta ce. "Ni fa?"



Duk abin da na faɗa sai da ya faru, sai dai ta daina gaya mini. Ta zuba kaɗan, aka dawo mata da shi har da riba. Ta zuba mai yawa, shafinsu ya nuna kuɗinta ya ninka, amma cirewa ta gagara. Suka ce ta yi kuskure a aiki, sai ta ƙara kafin a saki. Kowane karo asusun wani mutum daban suke ba ta.

Ranar da na koma, wurin keken ɗinkinta wayam, sai sawun ƙafafunsa a siminti, ta sayar da shi. Na roƙe ta, na haɗa ta da Allah kada ta tura kuɗin keken. Ta ce ta tura tun da hantsi, kuma idan ta tsaya yanzu na baya ya tafi ke nan. Kafin la'asar suka cire ta daga guruf ɗin.

Washegari na raka ta banki. Ma'aikaciyar ta karɓi ƙorafinmu, ta ce za su bincika, amma irin wannan kuɗin ba ya daɗewa a asusun da aka tura shi. A adaidaita, da muka kusa gida, Yaya ta juyo gare ni.

"Maƙwabciyata ma ni na sa ta a harkar," ta ce. "Ba ta san damfara ce ba tukuna."

Muka sauka a bakin lungu, muka tsaya, an rasa wanda zai fara shiga.