Tuwon Surukai da Hanjin Mai Nasara

A duk ƙasar Tasawa ba wanda ya san hanji kamar Mai Nasara, mahaucin kasuwar Urafane. Shekara talatin yana juya shi yana wankewa. Sai dai duk na awaki ne.

Mutum ne mai faɗa. Ya ɓata da dillalai, ya ɓata da maƙwabta, ya kuma ɓata da ɗiyarsa Fatiha ranar da ta ji yana ganin jini a bayan gida ta ja shi Maraɗi. Likita ya ce za a zura masa siririn tiyo mai kamara a duba babban hanji. Ya ba shi ruwan magani mai wanke ciki, ya hana shi abinci mai nauyi har a gama.

Suka sauka gidan Alkasim, uban mijin Fatiha, wanda ya sa aka yanka zabo aka tuƙa tuwo.

"Baba, likita ya hana," in ji Fatiha.

"Ke, rufe min baki! In ture akushin suruki a ce na raina shi?"

Ba ya ƙaunar Alkasim, amma ya cinye tas, ya bi da rabin maganin.

Washegari likita ya ciro wani tsiro kamar ƙwayar gujiya.

"Wannan za a kai labo, ɗakin gwaji," ya ce. "Irinsa yana shekaru yana girma shiru, wani daga cikinsu ya rikiɗe ya zama kansa, wato ciwon daji. Da cikinka a wanke yake, da sakamakon labo ne zai ce yaushe za ka dawo, wataƙila bayan shekara uku. To amma gefen dama ban ga komai ba sai tuwo. Ka dawo kafin shekara ta zagayo, da ciki wankakke."

"Ni kake ce wa ƙazami, yaro?"

"Baba, na ce ban gani ba."

"To makanta ce ke damunka."

Labo ya ce tsiron bai zama kansa ba. Mai Nasara ya riƙe wannan rabin maganar, ya yar da sauran. Jini ya tsaya. Duk ranar kasuwa yana ba masu sayen nama labarin likitan da ya kasa aikinsa yake neman a ba shi karo na biyu. Fatiha ta yi ta nacin ya koma har ya hana ta shiga gidansa.

A damina ta biyar wando ya fara zame masa, idanunsa suka yi fari, wuƙa ta yi masa nauyi. Ya koma Maraɗi. Wannan karon ya shanye maganin duka, ya ƙi sauka gidan kowa, ya tanadi maganganun da zai gaya wa yaron nan ido da ido.

Yaron an yi masa canjin wurin aiki tuni. Wata likita ce ta duba, ta ga hanjin tsaf har ƙarshe. Tsiron da ke gefen dama, inda tuwo ya rufe a karon farko, ya girma ya wuce a ciro shi ta tiyo.