Makin Aikin Kawu

Ina akawu a wani kamfanin sarrafa citta a Kafanchan lokacin da aka ce za a sake tsara albashi. Aka kafa kwamiti: manaja, wakilin ƙungiyar ma'aikata, shugabannin sassa, sai ni mai lissafi. Wata mata da aka ɗauko daga Kaduna don ta koya mana ta ce aikin za mu auna, ba mai yinsa ba.

Maki dubu aka raba wa abubuwa huɗu, kowanne da nauyinsa. Ilimi da gwaninta kashi arba'in cikin ɗari, alhakin da ke wuyan mai aikin talatin, wahala ashirin, yanayin wurin aiki goma. Kowanne yana da mataki biyar. A duba aiki, a yarda da matakinsa a kowane abu, a tara makin, inda jimlar ta faɗa nan ne ajin albashinsa.

Ƙanin mahaifiyata ne ke kula da tandar busar da citta, yini guda cikin zafi da ƙura mai yaji. Aikinsa ya sami mataki mafi girma a yanayin wuri, amma duk makin yanayin ɗari ne kawai, sai ya tsaya kaɗan ƙasa da layin aji na gaba. Ran Lahadi bayan sujada ya tare ni a ƙofar majami'a.

"'Yata, an ce biro yana hannunki," in ji shi.

Na ce masa tarawa kawai nake yi, kuma in na ƙara wa aikin tanda maki, duk wanda ya gaje shi ma zai ci. Ya ce to ai shi ma wannan mutum ne.

A zaman da ya biyo baya wakilin ma'aikata ya ce kashi goma ya yi kaɗan a kamfanin da rabin mutanensa ke tari. Manaja ya ce ɗari ba ya ƙaruwa, sai dai a rage wani wuri. Bayan doguwar gardama aka cire biyar daga ilimi aka ƙara wa yanayi, da sharaɗin a sake lissafa kowane aiki.

Ni na sake lissafin. Tanda ta samu ƙarin hamsin a yanayi, ta rasa ashirin a ilimi, ta haye layi. Aikin akawu kuwa, mai kujera da fanka, ya rasa maki ashirin, ya faɗo aji ɗaya. Na maimaita lissafin, bai canja ba. Raina ya ɓaci, amma na miƙa.

Ba a rage mini albashi ba, an dai tsayar da shi har sai ajin ya tarar da ni, kayan kasuwa kuwa suna ta tashi. Kawu bai ji labarin daga bakina ba. Matarsa ce ta ji, ta aiko mini da acca daga Godogodo. Shi kuma ya daɗe yana jin nauyin shiga ofishina.