Ranar Fito da Fayil

Ni fa har ɗinki na yi. Atamfa kala biyu na kai wa tela a Wunti, na ce masa na zuwa ofis ne. Mu uku muka tsallake intabiyu a wata hukumar gwamnati, aikin kula da fayil a rajista, kuma kaf unguwarmu Inkil babu gidan da ban shiga da albishir ba. Shekarata huɗu da difloma a akwati, wa zai hana ni rawar kai?

Ranar da na je karɓar takardar kama aiki, wata takardar daban aka miƙo mini. Wai gwamnati ta dakatar da ɗaukar ma'aikata, an rage kasafi, sai yadda hali ya yi. Kai! Raina ya ɓaci. A barandar na fara sababi, ina cewa in sun san babu aikin me ya sa suka tara mu muna zufa gaban kwamiti.

Wani dattijo ya leƙo ta tagar rajista, tabarau a kan hanci.

"'Yata, in kin gama, zo."

Na je ina huci. Ya karanta takardar, ya ce, "Ba a ce kin faɗi ba ai. Rubuta ki roƙi a ajiye sunanki a fayil har a ɗage takunkumin."

"Baba, roƙo kuma? Bayan sun wulaƙanta ni?"

"Wa ya wulaƙanta ki? Mu ma takarda aka aiko mana daga sama."

Ya ba ni farar takarda da biro. Sau biyu yana yaga abin da na rubuta, wai faɗa nake yi. A na ukun na yi godiya, na ambaci lambar takardarsu da gurbin da na nema, na ce har yanzu ina so, na sa lambar wayata. Ya buga hatimin karɓa a kan kwafina, sannan ya rage murya.

"Madam za ta rubuta ke-ai-bi, wato a ajiye tukuna. In ta tsaya nan, an binne ki. Roƙe ta ta ƙara bi-yu, ranar da za a fito da fayil ɗin a mayar mata. In da rana, ni zan shigar a littafina."

Madam ita ce shugabar sashen ma'aikata, 'yar Kudu ce da ta daɗe a Bauchi. Na shiga ofishinta na rusuna na ce, "Ranki ya daɗe, a taimaka a sa mini bi-yu."

Ta ɗago ta dube ni, ta fashe da dariya. "Wane ne ya koya maka wannan? Baba ko? Ba alkawari fa."

Ta rubuta wata uku. Wallahi na fito kamar an ba ni aikin, har mai acaɓa sai da na yi wa bayanin bi-yu.

Wata uku suka wuce shiru, shida suka wuce. Na koma koyarwa a wata 'yar makarantar kuɗi, maƙwabta na tsokana ta da ma'aikaciyar fayil. Atamfofin na sa su a biki. Layina dai ban yarda na canza ba, ko da wayar ta faɗa ruwa sai da na je aka dawo mini da lambar.

Bayan shekara da wata uku, ina tsakiyar aji, waya ta yi ƙara. Muryar Madam ce. Takunkumi na nan, in ji ta, amma an ba su izinin cike gurbi ɗaya na wanda ya yi ritaya, kuma a cikin mu ukun fayil ɗina kaɗai ke dawowa teburinta. Na yi guɗa a gaban yara! Takalmi ɗaya a hannu na isa ofishin hedimasta.

Ranar Litinin na shiga rajista da leda cike da goro, ina ta ɗokin in ga Baba. Kujerarsa babu kowa.

"Ina Baba?"

"Ya yi ritaya, ya koma gona a Miri," in ji Madam. "Nan ne wurinka."

Na zauna a kujerar. Littafin bi-yu na kan teburin, na buɗe. Ga lambar fayil ɗina da rubutunsa, sau biyar. Duk wata uku sai ya ɗauka ya kai wa Madam, ya tsaya har ta sa sabuwar rana. Ta ƙarshen ta faɗo a makon da ya miƙa makullai.

Na yi kuka, ban ɓoye ba. Da aka tashi na ɗauki gorona na tare acaɓa, na ce masa Miri, kuma ya yi sauri.