Rarar Da Aka Biya Saboda Mu

Ni mai sito ne, amma da aka sayi kamfaninmu na roba a Sharada, ni aka jawo ƙirga injina, kamar na karanta akanta. A satin aka sallami abokan aikina kaf, na koma cin abinci ni kaɗai.

Sabon akanta ya ce an kimanta injina, fili, har tambarinmu, an cire bashi, amma kuɗin sayen ya zarce haka. Wai rarar ana kiranta gudwil, wato darajar sunan kamfani, kadara ce a takarda, ƙwarewar ma'aikata ma tana ciki.

Na ce to a dawo da mutanena. Ya ce albashinsu asara ce. Muka yi ta musu, sai da na rufe masa baki:

"Oga, kadarar taku fa tana Panshekara tana tuƙa Adaidaita."