Allon da Ya Tare Malam Ja'afaru

Duk sanda na buɗe manhajar nan na ji muryata tana cewa "Nuna ganyen, ka danna nan," sai raina ya ɓaci. Ni ce na karanta kalmomin aka naɗa, domin Sauda ta ce muryata ba ta da gaggawa. Sunana Furera, malamar firamare ce ni a wani ƙauye da ke gefen Minjibir, kuma tare muka tashi da Sauda, katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu.

Sauda ita ce 'yar farin Malam Ja'afaru, mai koyar da karatu, kuma manomin masara. Tun muna yara ba ta iya ganin mutum yana kokawa da abu ta wuce. In ƙofa tana cije wa mutane, ba za ta ce su ƙara ƙarfi ba, kafinta za ta zaga. Ta yi karatu a Kano, ta samu aiki a wani ƙaramin kamfani mai yin manhajar waya. Shekarar da man fetur ya yi tashin gwauron zabo, haya da kuɗin mota suka koro ta gida, ta ci gaba da aikin daga ɗakin innarta da 'yar sola a kan rufi.

Manhajar ta manoma ce. Ka ɗauki hoton ganye, ta gaya maka abin da ke cin shukarka da abin da za ka yi. Aikin Sauda shi ne tsara allunan da mutum zai fara gani a fuskar waya ranar da ya fara buɗe ta. Ta sha gaya mini cewa in sabon mutum bai ga amfani a zaman farko ba, ba zai dawo ba, komai kyan abin da ke ciki.

Na ga yadda take gwaji. Takan miƙa wa manomi waya a bakin gona, ta kai hannuwanta baya, ta yi gum. Ko ya dube ta da ido yana neman agaji, ba ta tankawa. Inda yatsansa ya tsaya, nan take gyarawa. Da farko akwai alluna na gabatarwa masu zanen manomi yana murmushi. Ta ga kowa na ture su bai karanta ba, ta cire. Rubutu ta mayar da shi murya. Izinin kyamara ta ajiye shi sai lokacin da mutum ya ɗaga waya zai ɗauka, ga dalili a gabansa. Suna da lambar waya kuwa ta kai su can baya, sai amsa ta fito sannan a tambaye ka ko kana so a ajiye maka. Ƙarshe abin ya koma maɓalli ɗaya, ko babu sabis yana aiki. Na ga tsohon da bai taɓa riƙe babbar waya ba ya ji sunan tsutsar gonarsa kafin shayinsa ya huce.

Amma mutum ɗaya take yi wa wannan wahala, ko da ba ta faɗa ba. Malam Ja'afaru bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "yarinyar nan". Kunyar 'yar fari ce irin ta mutanen da. Ba ya zama kusa da ita, balle ya ce, zo ki nuna mini. In abin zai yi masa amfani, to sai ya iya shi kaɗai. Kuma a wannan damina masarar nan ita ce abincin gidan, don taki ma da ƙyar ya same shi.

Ranar da aka saki manhajar, ta sauke ta a tsohuwar wayarta, ta ba innarta ta miƙa masa, ta hau mota zuwa Kunci inda za su nuna wa manoma. A can ta buɗe a gaban jama'a, sai ta ga abin da ba ta zana ba. Allon farko na neman suna, na biyu gari, na uku lambar waya, sannan ka jira lambar sirri ta saƙo kafin ka ga kyamara.

Manajansu ne, Kamilu, ya sa aka canza ba tare da ya gaya mata ba. Da ta dawo, a gabana ta kira shi.

"Malam Kamilu, wa ya sa rajista a gaba?"

"Sauda, masu ba mu tallafi manoman da suka yi rajista suke ƙirgawa. Hoton ganye ba ya shiga rahoto."

"Mutanenmu lambar da suka haddace tana cikin ƙaramar waya, ita kuma tana gida ko wurin caji. Kafin su kai gare ta lambar sirrin ta mutu. A Kunci yawancinsu nan suka tsaya."

"To ai sun sa suna. Ki bari a gama damina mu duba."

A gama damina. Mutumin da bai san bambancin masara da dawa ba sai sun yi kai, shi ke cewa a gama damina. Ba na ce mugu ne ba, albashin mutane yake karewa. Amma har yau in na tuna sanyin muryarsa, sai in ji kamar in shaƙe shi.

Sauda ta tambayi innarta ko Malam ya gwada. Amsa ta dawo: "Ya ce alhamdu lillahi, abin ya yi kyau, Allah ya yi albarka." Ta saki jiki, ta koma faɗa da ofis, tana yawo tsakanin Ɗambatta da Kunci tana yi wa manoma rajista da hannunta.

Abin da ya faru sai daga baya innarta ta gaya mana. Malam ya ga 'yan ramuka a ganye da wani gari-gari a cikin kunnen masara. Ya fito da waya a gona, ya rubuta sunansa a hankali, ya sa lamba, allo ya ce ya jira. Ya tako har gida ya duba ƙaramar wayarsa, ya kwafe lambar, allo ya ce ta daina aiki. Ya sake, saƙon bai zo ba sai bayan la'asar. Ya naɗe wayar a ƙyalle ya ajiye, ya ce wa innarta kada ta dami yarinyar nan, aikinta ne, kada ta ji kunya. Ya sayi maganin da mai talla a kasuwa ya ba shi, wanda ba na wannan tsutsa ba ne. Ita kuwa irin wadda ake kamawa tun tana ƙarama ce. Da ta girma ta nutse cikin zuciyar shuka, feshi ba ya kai mata.

Bayan 'yan makonni, da labarin ɓarnar ya iso mata, ni na raka Sauda gonar. Ganye duk ya zama tsumma. Ta sa manhajar gwajinta, ta ɗaga waya, ta danna sau ɗaya, muryata ta faɗi sunan tsutsar da abin da ya kamata a yi makonni da suka wuce. Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi, na haushi.

Kamfanin ya mayar da tsarinta bayan kaka, da suka ga masu suna sun yi yawa, masu amfani ba su da yawa. Har Kamilu ya yaba mata a taro. Ba ta bar aikin ba, don yanzu albashinta ne ke ciyar da gidan.

Ranar kasuwar Minjibir muka hango Malam Ja'afaru a layin masu hatsi, ya tsuguna yana riƙe bakin buhu ana auna masa masara da kwano, mutumin da duk shekara daga rumbunsa ake fitar da zakka. Kuɗin nata ne, ta hannun innarta suka isa gare shi, kuma ya sani. Sauda ta ja mayafina muka bi ta bayan rumfar masu manja, don kada ya ɗago ya ga ta gan shi.