Minti Goman Malam Sammako

A makarantar nan ba mai kiransa da sunan yanka. Malam Sammako ake ce masa, shi kuwa yana amsawa har da murmushi. Shi ne magatakarda, shekara ashirin da biyu a ɗaki ɗaya: tebur mai gurguwar ƙafa da aka tokare da tsohuwar rajista, kabad biyu, fanka mai kukan tsiya, da kwamfutar da ta girmi wasu ɗaliban. Kafin maigadi ya gama hamma ya riga ya buɗe ofis.

Sirrinsa agogo ne. Yana saurayi aka aiko masa cewa mahaifiyarsa na asibiti, jiki ya yi tsanani. Ya isa tasha ya tarar mota ta riga ta tashi, da ya samu wata ya iso aka ce masa minti goma ke nan da cikawarta. Tun ranar ya tura agogon hannunsa gaba da minti goma. Haka ya yi wa na bangon ofis, na gida, har da na wayarsa. Matarsa kan ce ko tashin duniya za a yi, maigidanta zai riga kowa zuwa ya kama layi. Da tafiya ta yi tafiya sai ya daina cire goman nan a lissafi, abin da agogon ya faɗa shi ne lokaci.

Bana ɗalibai talatin da ɗaya za su zana jarrabawar kammalawa, cikinsu har da Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ke karatu har a bakin murhu. Hukumar jarrabawa ta ba da sabuwar manhaja, ta ce ƙarfe huɗu na yammacin Alhamis za a rufe rajista, wanda bai shiga ba sai baɗi. Hotunan ɗalibai ba su iso ba sai Laraba, ranar kuma babu wuta. Alhamis da safe wuta ta dawo, ya kunna kwamfuta, sai ta nuna masa wata shekara da ta daɗe da wucewa. Ƙaramin batirin da ke riƙe mata agogo ne ya mutu. Abu mai sauƙi, in ji shi. Ya kashe saitin da ke ɗauko lokaci da kansa, ya dubi hannunsa, ya rubuta abin da ya gani.

Ya jera sunayen, ya sa na Auta a ƙarshe, don kada wani ya ce magatakarda ya fara da gidansa. Ya danna na farko. Manhajar ta yi juyi, ta ce an ƙi buƙatar, hatimi bai karɓu ba. Ya sake, haka. Ya sake, haka dai.

Wayyo, ranar Malam Sammako ya ga ta kansa. Ya canza kalmar sirri sau biyu. Ya kashe kwamfuta ya kunna, ta sake manta shekara, ya sake ba ta lokaci daga hannunsa. Ya goge manhajar ya sauko da ita sabuwa, wannan kaɗai ya cinye awa biyu. Shugabar makaranta ta shigo ta fita har ba adadi, waya manne a kunne, layin hukumar yana ta yi mata kiɗa ba mai ɗauka.

"Malam, iyaye talatin da ɗaya fa," ta ce. "Da wane baki zan yi musu bayani?"

"Talatin, ranki ya daɗe. Na ƙarshen ga shi zaune gabanki."

Da tsakar rana Auta ta leƙo ta taga. "Baba, an sa mu?"

"Ana kai, uwata. Je ki gida abinki."

Ta tafi tana tsalle. Bai taɓa yi mata ƙarya ba sai ranar.

Yana da ƙanwa da ke aikin manhajoji a wani kamfani. Ya kira ta sau bakwai, tana taro. Shugaba ta hau mota ta nufi ofishin hukumar ko za a ji tausayinta, ya rage shi kaɗai da fanka. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Yana kallon dogon hannun agogon bango yana hawa, har ya zauna daram a kan sha biyu. A daidai lokacin wayarsa ta yi ƙara, ƙanwar ce.

"Yaya, lafiya? Kira bakwai!"

"Bar shi kawai," ya ce. "Huɗu ta yi. Na kashe wa yaran mutane shekara, na kashe wa Auta."

"Wace huɗu? Saura minti goma." Sai kuma ta ce, "Yaya, tsaya. Agogon kwamfutar, ƙarfe nawa yake nunawa?"

"Huɗu daidai. Ni na saita shi da hannuna."

"Innalillahi! Da wannan agogon naka? Ai shi ne! Duk sunan da ka tura, manhajar tana rubuta lokacin kwamfutarka a jiki, ta buga hatimi a kai. Babbar kwamfutar hukuma sai ta gwada da nata agogon. In bambancin ya wuce 'yan mintuna, yawanci biyar, ba ta karɓa, don kada wani ya saci tsohon saƙo ya sake turawa. Kai naka daga gaba yake zuwa mata. Maza kunna saitin da ka kashe!"

Ya kunna, ya danna inda ta ce. Lambobin da ke kusurwar allo suka yi tsalle baya: uku da minti hamsin da biyu. Ya tura na farko. Manhajar ta yi juyi, ta yi juyi, sai ga kore: an karɓa.

Ya fashe da wata dariya mai kama da kuka. Amma kowane suna da hotonsa yake tafiya, kuma sai ɗaya ya shiga ake tura na gaba. Ƙanwar tana ƙirga masa daga can.

"Kowane yana cin daƙiƙa goma sha shida. Yaya, da ƙyar ne. Ɗauko na Auta ka sa yanzu."

"In na ɗauko ta, wani zai koma ƙarshe."

"To sai me? 'Yarka ce!"

"Shi ma ɗan wani ne. Kuma ba shi ya taɓa agogon ba."

"Kai dai wallahi taurin kanka..." Ba ta ƙarasa ba, ta ci gaba da ƙirga.

Goma. Sha takwas. Ashirin da biyar. Bai san yana ambaton Allah da ƙarfi ba sai da maigadi ya leƙo. Ashirin da tara. Talatin ya yi kore. Ya danna na Auta, hotonta da ɗan murmushin nan na gefen baki ya fara juyi a allo. Sai rubutu ya fito: an rufe rajista.

"Ya shiga?" in ji ƙanwar. "Yaya? Ya shiga?"

Ya kife wayar a kan tebur.

Shugaba ta dawo hannu rabbana, ta ga kore talatin, ta fara godiya, ta kai kan na ƙarshe ta ga na Auta babu kore. Ta ce gobe za ta rubuta wa hukuma takardar roƙo. Dukansu sun san amsar da irin takardar nan take samowa.

Ya kulle kabad, ya kashe fanka. Ya hau kujera ya sauko da agogon bango, ya mayar da shi daidai, sannan ya yi wa na hannunsa. Hanyar gida tafiyar minti ashirin ce, ranar ta ɗauke shi fiye da awa ɗaya. A bakin shagon mai gyaran takalmi ya tsaya yana haɗa maganar da zai faɗa, ta ƙi haɗuwa.

Auta na bakin ƙofa, littafi a hannu, yatsa a tsakanin shafuka. Da ta hango shi ta taso da gudu tana dariya.

"Baba! Yau kai ne da makara?"

Ya karɓi littafin daga hannunta a hankali, ya riƙe mata shafin da take.

"Ni ne, uwata," ya ce. "Zo mu zauna."